Ra'ayinmu: Takardar Shaida Da Ɗalibin Da Jarrabawa Ta Wuce Shi

Duk zangon karatu sai mun ji labarin ɗalibin da jarrabawa ta wuce shi, ko don ciwo ya kwantar da shi, ko don an yi masa rasuwa. Idan ya warware ya je ofis neman a ba shi dama ta musamman, tambaya ɗaya ake yi masa: ina shaida? Ba mu ga laifin wannan tambaya ba. Inda muke da magana shi ne irin shaidar da ake nema.

Da farko dai iyaye su san cewa ba kowace jarrabawa ake maimaita wa mutum ba. A jarrabawar kammala sakandare ta WAEC da NECO, wanda bai zauna wata takarda ba ba a shirya masa wata, ko da likita goma sun sa masa hannu. Sai dai ya sake biyan kuɗi ya shiga ta masu zaman kansu, ko ya jira baɗi. Hukumar JAMB ta ɗan sassauta a 2025, inda ta shirya zama na cike gurbi a watan Yuni ga waɗanda ba su samu halarta ba. Inda shaida take aiki sosai shi ne jami'o'i da kwalejoji, kuma yawancin 'ya'yan Boɗinga da Shagari a Sakkwato suke irin wannan karatu.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata ɗaliba daga wani ƙauye a ƙasar Shagari tana da takarda ranar Talata da safe. Daren Litinin mahaifinta ya cika a gida. Kafin azahar an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, kamar yadda aka saba. Ta zauna zaman makoki, bayan sadakar bakwai ta koma makaranta. Ofis ya ce ta kawo takardar shaidar mutuwa. Daga ina? Asibiti ba ya ba da shaida a kan wanda bai rasu a hannunsa ba. Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce dokar 1992 ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa, amma a ƙauyukanmu wa yake tunawa da rajista ranar da ake haƙa kabari? Sai yarinya ta kama zirga-zirga tsakanin kotu, inda za ta yi rantsuwa, da ofishin hukumar, alhali wa'adin da makaranta ta bayar yana ta ƙarewa. Idan ya wuce, sai a rubuta mata faɗuwa a darasin da ba ta ko ga tambayoyinsa ba, makinta ya yi ƙasa, wataƙila ma ta ƙara shekara.

Haka abin yake wajen ciwo. Yawanci manyan makarantu sukan so rahoton likita, sannan shugaban asibitin makaranta ya tabbatar da shi kafin maganar ta je gaban majalisar malamai. To amma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya kama a Boɗinga, sau da yawa kemis aka kai shi aka yi masa allura. Ba kati, ba lambar fayil, ba sakamakon gwajin jini. Ya yi ciwo da gaske, amma a idon ofis lafiyarsa ƙalau.

Mun sani akwai masu sayen rahoton ƙarya, kuma su ne suka jawo wa masu gaskiya wannan tsanani. Amma gane na ƙarya ba shi da wuya. A duba ranar da aka buɗe kati, ko kafin jarrabawar ce ko bayanta. A duba ko lambar fayil tana cikin littafin asibitin. Waya ɗaya ta isa.

Don haka muna kira ga hukumomin makarantu su amince da wasiƙar mai unguwa, wadda uban ƙasa ya buga wa hatimi, haɗe da ta limami ko fasto wanda ya jagoranci jana'iza, a matsayin shaidar farko, a ba ɗalibi lokaci ya kawo ta Hukumar Ƙidaya daga baya. Waɗannan mutane sun san mamaci, kuma ba za su zubar da mutuncinsu kan takarda ɗaya ba. A kuma rubuta ƙa'idar da wa'adinta a manna a allon sanarwa tun farkon zango.

Su kuma ɗalibai, kada su jira sai sun dawo. Ranar da abin ya faru a aika wa shugaban sashe rubutacciyar sanarwa, ko da ta hannun abokin karatu ne, a sa sakatare ya buga hatimi da kwanan wata a kan kwafi, a adana shi. Mara lafiya kuwa, ko ya fara jin sauƙi, a daure a kai shi asibitin gwamnati ya yanki kati a ranar.