YAUSHE NA CE HAKA?

'Yan'uwana mata, har ma da mazan da za su daure su karanta, yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba. Wata muguwar ɗabi'a ce nake so mu zauna mu feɗe ta har wutsiya, wato mutum ya rubuto miki magana da hannunsa a waya, ki karanta da idonki, ki yi aiki da ita, sannan bayan kwana biyu ya shafa wa idonsa toka ya ce, "Ni? Yaushe na ce haka?" Ba zai tsaya nan ba, sai ya ƙara da cewa ai dama kanki ba daidai yake ba kwanan nan. To wallahi wannan ya wuce ƙarya. Maƙaryaci abinki kawai yake so ya ci, shi kuwa wannan so yake ya raba ki da yarda da hankalinki.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne wata ƙanwata, 'yar ƙanwar mahaifiyata, wadda ke da shagon ɗinki a kusa da kasuwar Sabon Tasha, nan kan hanyar Kachia. Maigidanta yana aiki a wani gari, sai ƙarshen wata yake leƙowa, saboda haka rabin zaman aurensu a cikin WhatsApp ake yin sa. Ran nan da yamma ta shigo mini idanu jawur, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Yaya, don Allah ki gaya mini gaskiya, kin taɓa lura ina da mantuwa ko ina jin abin da ba a faɗa ba?" Na ce subhanallahi, ke da kike riƙe awon mutum ashirin a ka ba littafi? Me ya faru?

Ashe kuɗin haya ne ya taso, naira 180,000, mai gida ya matsa. Ita kuma a watan ta kwashi adashinta, wanda ta shekara tana zubi don ta sayi keken ɗinki na lantarki. Sai maigidan ya rubuto mata da dare cewa ta biya hayar da kuɗin adashin, in an yi albashi zai mayar mata cif. Washegari ta biya. Da wata ya ƙare ta tuna masa, buɗar bakinsa sai ya ce shi bai taɓa cewa zai mayar ba, ita ce ta yi niyyar taimakawa, kuma wannan ne karo na nawa tana ƙaga masa magana, ya kamata ta je a duba ta. Abin da ya tayar mini da hankali ba kuɗin ba ne, a'a, yarinyar nan ta fara yarda. Har tana ce mini, "Ƙila mafarki na yi, Yaya."

Na ce miƙo wayar. Ba mu tsaya jan hira sama har yatsa ya gaji ba, muka shiga wurin bincike na cikin hirar, wato Search, muka rubuta kalmar "adashi". Nan take ta kai mu daren 3 ga wata. Ga abin da muka tarar a jere. Ƙarfe 9:12 akwai gurbin saƙonsa, amma babu komai a ciki sai rubutun nan da kowa ya sani, This message was deleted. Ƙarfe 9:14 ga amsarta: "To Baban yara, zan biya gobe, amma don Allah kada ya wuce ƙarshen wata." Allah kuma ya taimake ta, ba haka kawai ta rubuta amsar ba, saƙon nasa ta ja gefe ta amsa a kansa, don haka maganarsa tana nan liƙe a saman tata, ƙanana-ƙananan baƙaƙe: ki biya da na adashin, zan mayar miki in an yi albashi. A ƙasa kuma ga nasa, "Ba komai." Muka buɗe saƙon banki, ga fitar kuɗin ranar 4 ga wata da safe.

Yanzu mai karatu ki natsu, domin a nan gizo yake saƙar. WhatsApp ya kawo damar goge saƙo daga wayar kowa, Delete for everyone, a shekarar 2017, a lokacin minti bakwai kacal ake ba mutum. A 2022 aka tsawaita ta kai kamar kwana biyu da 'yan awoyi, in ta wuce haka kuwa sai dai mutum ya goge a tasa wayar, taki tana nan. Ashe ke nan wannan bawan Allah ba a ƙarshen wata ya goge saƙon ba lokacin da rigima ta tashi, domin kuwa a lokacin ƙofa ta riga ta rufe. Tun a kwana biyun farko ya goge, hira ta yi gaba ta binne gurbin, ita ba ta lura ba. Ku gaya mini, mai mantuwa yana share sawunsa tun kafin a biyo shi?

Ta tura masa hoton wurin. Ni kuwa na ce mata ta zuba ido, domin masu wannan hali matakala gare su, in an ture su daga hawa ɗaya sai su koma na gaba. Haka kuwa aka yi. Da farko "ban faɗa ba". Da hujja ta fito sai ya koma "ba haka nake nufi ba", wai cewa ya yi zai duba in da hali. Da ta nuna masa babu "in da hali" a rubutun, sai ya hau na ƙarshe, wanda ya fi duka dafi: "Au, ashe ajiye maganata kike yi kamar ɗan sanda? Ashe zaman da muke yi babu yarda?" Kun ga an bar maganar naira 180,000, an koma shari'ar halinta. Wadda aka cuta ita ce za ta ba da haƙuri.

Turawa ma sun san wannan cuta, har suna suka ba ta daga wani wasan kwaikwayo mai suna Gas Light, na Patrick Hamilton, wanda aka fara yi a Landan a 1938, aka kuma yi fim ɗinsa a Amurka a 1944. A ciki miji ne yake ɓoye kaya ya ce matarsa ce ta ɓatar, yana ta cusa mata cewa ta taɓu, har hasken fitilar gidan da take gani yana dusashewa ya zama abin da take tsoron ko idonta ne. Mu a nan ba mu rasa sunansa ba: rainin hankali ne, da mayar da mutum mahaukaci da rana tsaka.

Amma fa kada wata ta ɗauki wannan rubutu ta je ta hana gidanta zaman lafiya. Mantuwa gaskiya ce, dukanmu muna yi. Yadda ake rarrabewa ba wuya. Mai mantuwa in kika nuna masa sai ya ce, "Kai, haka ne fa, yi haƙuri," magana ta mutu. Mantuwarsa kuma ba ta zaɓe, wani lokaci shi take cuta. Shi kuwa ɗaya, kullum mantuwarsa riba take kawo masa, hujja ba ta sanyaya shi sai dai ta tunzura shi, kuma daga musun magana yake zarcewa zuwa kanki da lafiyarki. Ke ma in kika koma sama kika tarar ke ce kika karanta a karkace, to ki faɗa da bakinki. Ba kuma maza kaɗai ba ne, akwai uwar adashi, akwai dillaliya, akwai aminiya, duk na ga masu yi.

Sai dai ki sani komawa sama ba kullum take fisshe ki ba, domin wayar ta ba su wasu ƙofofin. Tun 2023 mutum yana iya gyara saƙonsa cikin minti 15 da turawa. Za ki ga an rubuta Edited a gefe, amma ba za a nuna miki abin da ke wurin da farko ba, don haka "zan mayar" tana iya zama "zan duba" kina can kina tuƙa tuwo. Akwai kuma saƙo mai ɓacewa da kansa, Disappearing messages, wanda ya zo a 2020, ana iya sa shi awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. In an kunna shi sanarwa tana fitowa a tsakiyar hira, to duk wanda ya kunna ana tsakiyar maganar kuɗi ko alkawari, ki tambaye shi dalili. Telegram kuwa ya fi haɗari, tun 2019 ɗayanku yana iya share saƙo daga wayoyin biyu, komai daɗewarsa, ba ko gurbi.

Maganin abu ne mai sauƙi. In magana mai nauyi ce, ki amsa a kan saƙon, kuma ki maimaita ta da naki rubutun: "To na ji, zan biya 180,000, za ka mayar ranar albashi." A WhatsApp, naki ba ya iya goge shi daga wayarki, sai fa in saƙo mai ɓacewa ne a kunne. In a kira aka yi maganar, kuna ajiyewa ki rubuta masa abin da kuka tsayar. Ki ɗauki hoton wurin da kwanan wata a jiki, in abin ya girma ki fitar da hirar gaba ɗaya ta Export chat ki adana a wani wuri, domin hoto guda ana iya cewa haɗa shi aka yi. Ko kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ya ba da damar karɓar irin wannan shaida in an cika sharuɗɗansa, don haka kada ki yar da tsohuwar waya da garaje.

Saura ku masu cewa mace ta gari ba ta ajiye hujja a kan mijinta, haƙuri ake yi. Na ji, haƙuri maganin zaman duniya. Ana haƙuri da talauci, ana haƙuri da faɗa, amma ta yaya za a ce mutum ya yi haƙuri da a ce masa abin da idonsa ya gani bai gani ba? Da aka zauna da manya a kan maganar ƙanwata, wata gwaggo cewa ta yi ta goge hoton a rufa asiri. Ba wanda ya tambayi maigidan me ya sa shi ya fara gogewa. Mai gaskiya ba ya tsoron rubutunsa, mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

Har yau rabin kuɗin kawai ya dawo, keken lantarkin ma ba a saya ba. Amma ta daina tambayata ko ta taɓu, kuma a wurina wannan ya fi keken. Ba don ki ci gardama nake cewa ki koma sama ba, domin irinsu ba sa sallamawa. Ki koma don kanki, ki karanta sau ɗaya, ki tabbata, sannan ki ajiye wayar ki yanke shawarar yadda za ki zauna da mai wannan hali. Allah ya raba mu da masu baki biyu, amin.