Waiwaye: Gonar da Na Kusa Salwantarwa da Hannuna

Autata tana da gona a cikin kwamfuta. Sunan wasan Stardew Valley, wanda wani mutum ɗaya, Eric Barone, ya ƙirƙira ya fitar a 2016. Ana shuka a ciki, ana ban ruwa, ana kiwon kaji da shanu. Kowace kaka ta wasan kwana 28 ce, huɗu ke cika shekara. Ita ta kai hunturun shekara ta uku, bayan watanni tana zama kansa duk yammacin da ta gama aikin makaranta. Ni kuwa da kwamfutar ta fara nauyi, sai na yanke shawarar sauke mata sabon Windows daga filas.

Ban yi gaggawa ba, a ganina. Na kwashe duk abin da ke cikin `Documents` da `Pictures` da `Desktop` na zuba a wani faifai na waje. Na tuna da wasan ma, amma na ce ai ta Steam muka saya, Steam kuma yana ajiye wa mutum inda ya tsaya a rumbunsa na intanet, wanda ake kira `Steam Cloud`. Da wannan tunanin na danna maɓallin.

Kwana shida bayan haka na samu sukunin sake sauke Steam da wasan. Ta zauna, ta danna `Load`, sai ta yi shiru. Gonar tana nan da sunanta, amma a kakar girbi ta shekarar farko. Babu garken shanu, babu gidan da ta faɗaɗa, kuɗin ma 'yan kaɗan.

"Baba, wannan ba gonata ba ce," in ji ta. "Tsohuwar ce."

"Kada ki shiga, Auta. Rufe shi tukuna."

Wannan maganar ita ce abu na farko da na yi daidai a duk lamarin, kuma daga baya ne na gane nauyinta.

Abin da ban fahimta ba shi ne, rumbun Steam madubi ne kawai. Yana riƙe da kwafin ƙarshe da ya iso gare shi, ba ya tara na jiya da na shekaranjiya. Yana karɓar fayilolin ne bayan an rufe wasa, in akwai intanet a lokacin, sannan ya sauko da su kafin a sake buɗewa. Mu kuwa a gidanmu data ba kullum ba. Na taɓa nuna wa yarinyar yadda za ta sa Steam a `Offline Mode` don ta yi wasanta ba tare da ta ci mini data ba, ta kuwa riƙe wannan darasi da kyau. Tun daga ranar Steam bai sake ganin gonarta ba. Abin da ya ba mu shi ne abin da muka ba shi na ƙarshe, bai yi mana ƙarya ba, bai kuma ɓatar da komai ba.

Na tabbatar da haka da idona. Akwai shafin da mutum zai shiga da asusunsa ya ga abin da ke rumbun:

```
store.steampowered.com/account/remotestorage
```

Nan aka jera wasanni, kowanne da fayilolinsa, girmansu da ranar da aka rubuta su, har da wurin sauke su ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ke jikin fayilolin gonar ta watannin baya ce. To, a intanet dai babu gonar shekara ta uku. In tana raye, a cikin kwamfutar take.

A nan ne kuskurena na biyu ya fito fili. Stardew Valley ba ya ajiya a `Documents` da na kwashe. Yana ajiya ne a wata folda da Windows ke ɓoyewa, mai suna `AppData`, shi ya sa ban gan ta ba ranar da nake kwashe kaya. In ka danna maɓallin Windows da `R` tare, ka rubuta wannan, za ka faɗa cikinta kai tsaye:

```
%appdata%\StardewValley\Saves
```

Da a ce wasan kaɗai na cire na mayar, da babu abin da zai taɓa wannan folda, domin tana wajen inda ake girka wasan. Mutane da yawa da ke kukan sun rasa wasansu bayan sun sake girkawa, kayansu na nan zaune, sai dai ko sun shiga da wani asusun Steam dabam, ko da wani sunan mai amfani a Windows. Amma ni Windows ɗin gaba ɗaya na sauya. Foldar da na buɗe sabuwa ce, abin da ke cikinta kuma shi ne tsohon kwafin da Steam ya sauko da shi ɗazu.

Abin da ya cece mu shi ne ban share faifan ba lokacin girkawa. Da aka tambaye ni inda zan sa Windows, na zaɓi ɓangaren da tsohon yake, ban danna `Format` ba. Idan aka yi haka, Windows yakan tattara tsohon gida ya tura shi gefe a wata folda mai suna `Windows.old`. Na buɗe `C:` gabana na faɗuwa, sai ga ta. Na bi hanya, da tsohon sunan mai amfani, ba sabon da na sa ba:

```
C:\Windows.old\Users\<tsohon suna>\AppData\Roaming\StardewValley\Saves
```

Windows ya ce ba ni da izinin shiga, na danna `Continue`, ya buɗe. A ciki akwai folda mai suna da layi a ƙasa da jerin lambobi, irin `Gona_123456789`. Na duba `Date modified`: yammacin ranar da ta gabaci girkawar. Na kira ta na nuna mata, ba ta gane lambobin ba amma ta gane fuskata.

Wannan folda ta `Windows.old` baƙuwa ce, ba ta daɗewa. Bayan ɗaukaka Windows, kwana 10 kawai ake ba ta kafin ya share ta da kansa, kuma masu neman sarari a faifai sukan goge ta tun kafin nan da `Disk Cleanup`. Ni a rana ta shida nake, ban tsaya gwada sa'a ba. Wanda kuma ya riga ya danna `Format`, wannan ƙofa ta rufe masa. Abin da ya rage shi ne manhajojin tono fayilolin da aka goge, su ma a faifan zamani na `SSD` da wuya su dawo da wani abu mai amfani. Saboda haka in za ka kai kwamfuta wurin mai gyara, ka ambata masa `AppData` da bakinka, domin mafi yawa hotuna da takardu ake tunawa da su.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya. Ina da kwafi biyu na gona ɗaya, suna ɗaya, lambobi ɗaya. Ɗaya tsohuwa ce amma ita Steam ya sani, ɗaya ita ce ta gaskiya amma Steam bai taɓa ganinta ba. A irin wannan hali ne ake asarar da ba ta dawowa, don madubi ba ya sanin wanne ka fi so. Idan Steam ya ga na kwamfuta da na rumbu sun saɓa, yakan fito da taga ya ce ka zaɓi ɗaya, kowanne da ranarsa da lokacinsa. Wanda ka zaɓa zai hau kan ɗayan ya shafe shi. Mutum cikin ɗoki yakan danna na rumbu don yana ganin can ne amintacce, ko ya danna mai sabuwar rana ba tare da tunani ba. Sabuwar rana kuwa tana iya yaudara. Da Auta ta shiga tsohuwar gonar nan ta yi kwana ɗaya ta kwanta, da wasan ya ajiye, da tsohuwar ta ɗauki ranar yau, ta zama kamar ita ce sabuwa. Shi ya sa na ce maganar "kada ki shiga" ta yi nauyi.

Don haka ban taɓa komai ba sai da na kwafi foldar gaba ɗaya zuwa filas, na sake kwafa zuwa `Desktop`. Megabait kaɗan ce, ba ta ci minti ɗaya ba. Daga nan na danna dama kan wasan a Steam, na shiga `Properties`, ƙarƙashin `General` na kashe `Steam Cloud` na wannan wasan kaɗai. Na fita daga Steam ɗungurungum. Tsohuwar gonar da aka sauko da ita ban goge ta ba, na ɗauke ta daga `Saves` na ajiye gefe, sannan na zuba ta gaskiyar a gurbinta.

Foldar tana da fayiloli huɗu da ya kamata a sani. Akwai babban mai suna iri ɗaya da foldar, shi ne gonar kanta. Akwai `SaveGameInfo`, wanda ke ba da abin da ake gani a jerin `Load`. Kowannensu kuma yana da ɗan'uwa mai `_old` a ƙarshe, wato ajiyar kwanan da ya gabata. Dole sunan folda da na babban fayil su zo daidai harafi da harafi; in ka ƙara wa foldar wata kalma don ka gane ta, wasan zai ƙi buɗe ta. Su kuma masu `_old` suna da ranarsu. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar ajiya har fayil ya lalace, sai ka kawar da biyun farko, ka cire `_old` daga sunan sauran, ka yi asarar kwana ɗaya kacal na wasa.

Ta danna `Load`. Hunturu, shekara ta uku. Ta shiga garke tana ƙirga shanunta da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, ni ina tsaye a bayanta ban ce komai ba. Na bar ta ta gama ranar ta kwanta, domin wasan a kwamfuta sai an yi barci yake ajiya. Bayan ta rufe ne na kunna `Steam Cloud`, na jira alamar da ke kusa da `Play` ta nuna ya gama, na koma shafin nan na ga ranar yau a jikin fayilolin.

Sauran wasanni kowa da maɓoyarsa. Skyrim yana ajiya a `Documents\My Games`, da yawa daga waɗanda aka gina da Unity suna cikin `AppData\LocalLow`, wasu a `Saved Games`, wasu kuma a cikin foldar Steam kanta ƙarƙashin `userdata`, inda kowane wasa ke da lambarsa. Ba kowane wasa ne ma ke da ajiyar intanet ba. Shafinsa a Steam ne ke faɗa. In ban san inda wani ke ajiya ba, nakan duba PCGamingWiki, ko in yi wasan in ajiye, sannan in jera foldojin nan bisa `Date modified` in ga wadda ta motsa yanzu.

A daren na kwashe `AppData` ɗin da ke `Windows.old` gaba ɗaya zuwa faifan waje, ko akwai wani abin da ban tuna da shi ba tukuna. Auta kuma ta roƙi in bar mata filas ɗin. Duk Juma'a da yamma takan buɗe `Saves` da kanta, ta kwafi foldar, ta sa ta cikin wata sabuwa mai ɗauke da ranar, sannan ta zo ta ce, "Baba, a kunna mini data minti biyar, Steam ya ga gonata."