Bakin Layin da Hoto Ke Cinyewa

A takardun ilimin halittu na WAEC da NECO akwai wata irin tambaya da kowane ɗalibin kimiyya ya saba da ita. Za a kawo zanen fure ko na ƙwayar halitta, a ja layuka daga sassansa zuwa gefen takarda, a sa musu lambobin Romawa, I da II da III, sannan a ce ɗalibi ya faɗi sunan kowane sashe. A garuruwa irin su Gaya da Ajingi, inda ba kowane ɗalibi ke da littafinsa na kansa ba, irin wannan tambaya takan iso wa yaro ne a waya. Wani ya ɗauki hoton shafin tsoffin tambayoyi, ya jefa a zauren WhatsApp na aji, daga nan ya yi ta yawo hannu zuwa hannu. Ba laifi ba ne, domin da babu gara ba daɗi. Sai dai wannan hanya, wadda ke isar da rubutu lafiya lau, tana yi wa zane wata ɓarna ta musamman da malamai da iyaye ba su cika lura da ita ba.

Rubutu yana da juriya. Idan harafi ɗaya ya dushe a kalma, sauran haruffan za su nuna shi. Tambayar zane kuwa dukkanta tana rataye ne a wuri ɗaya tak, wato inda bakin layin ya tsaya. A zanen ƙwayar halittar tsiro, bangon ƙwayar da siririn tantanin da ke manne da shi daga ciki layuka biyu ne da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa, tazararsu a takarda ba ta cika wuce rabin milimita ba. Layin da ya tsaya a na waje amsarsa bango, wanda ya ɗan zarce amsarsa tantani. Tsawon takardar A4 milimita 297 ne, hoton da aka tura a WhatsApp ta hanyar da aka saba kuma ana matse shi har dogon gefensa ya koma kusan ɗigo 1600. Ke nan kowace milimita ta samu ɗigo biyar da 'yan kai, rabin milimitar da amsar ta dogara a kanta ba ta kai ɗigo uku ba. A ƙara da rawar hannu, da inuwar mai ɗaukar hoton, da lanƙwasar shafi kusa da ɗinkin littafi, sai layukan biyu su narke su zama baƙin zare guda. Ɗalibin zai yi ta buɗa hoton da yatsu biyu, amma abin da ba a ɗauka ba, buɗawa ba ta dawo da shi.

Fure ya fi nuna girman matsalar, musamman furen dangin yakuwa da kuɓewa da rama da auduga, wanda littattafan sakandare ke yawan zanawa an tsaga shi biyu daga sama zuwa ƙasa. A tsakiyarsa akwai wani abu mai kama da ginshiƙi guda, alhali abu biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Na waje bututu ne da sassan namiji suka haɗu suka yi, a jikinsa ƙananan kawunan da ke fitar da garin fure suke. Na ciki siririn sanda ne na sashen mace, wanda ake kira sitayil, ya ratsa ta cikin bututun. Idan layi na III ya doshi wannan ginshiƙi a hoton da ya dushe, ɗalibi ba zai iya cewa a bututun ya tsaya ko ya shige har sandan ba. Kuma tambayar ba ta tsayawa a suna. Abin da ke biyo baya shi ne a faɗi aikin sashen da aka sa wa lamba III. Wanda ya kira namiji mace a tambayar farko ya riga ya zubar da makin ta biyu tun bai karanta ta ba.

Ana iya warware wannan, amma da sanin ginin furen, ba da ƙura wa waya ido ba. Wanda ya san furen zai bi sashen da ake tababa a kai zuwa ƙasa. Idan ya ƙare a saman ɗakin da 'ya'yan iri ke kwance, sandan mace ne; idan ya buɗe ya haɗe da gindin ganyayen fure masu launi, bututun namiji ne. Zai kuma bi shi sama: sandan mace yakan fito ya wuce bakin bututun, ya rabu gida biyar a furen yakuwa, kowane reshe da ɗan kansa mai karɓar gari. Sannan zai duba sauran layukan. Mai tsara tambaya ba ya yawan nuna sashe ɗaya sau biyu, don haka idan layi na II ya fito fili a kan bututun, to na III ya fi kusa da zama sandan. Wannan dabara tana da iyaka. Idan layuka biyu duk sun dushe, ko lambar IV ta koma kamar VI saboda an ɗauki shafin a juye, gaskiyar magana ita ce a nemi sabon hoto. Malamin da ya ce wa ɗalibi hoton nan ba ya karantuwa ya fi wanda ya cinta masa amsa amfani.

Abin da ya fi dusashewar hoto illa shi ne al'adar da ta taso tare da shi, ta tura jerin amsoshi tsirara: I kaza, II kaza, III kaza. Yaro ya haddace lamba da suna ba tare da ya taɓa ganin inda layin ya sauka ba. Ranar jarrabawa a kawo zanen nan dai, a sauya wa layukan lambobi, sai haddar ta zama tarko. Wanda ke burin karatun likita, ko wani fannin kimiyya a jami'ar da ke Wudil, nan kusa da gida, yana buƙatar kiredit a wannan darasi, kuma irin waɗannan ƙananan makin ne ke raba C6 da D7.

Gyaran ɗaukar hoton ba shi da tsada. A ɗauki zanen shi kaɗai maimakon shafin gaba ɗaya, domin zane mai tsawon santimita 10 da ya cika hoton zai samu ɗigo 16 a kowace milimita, ninki uku na wancan. A shimfiɗa littafin a inuwa mai haske, a riƙe wayar daidai samansa, a kuma tura shi ta zaɓin Document, wanda ba ya matse hoto. Idan tambayar ta shafi awon girman zane, to sai an ajiye rula a gefensa kafin a ɗauka, tunda tsawon abu a fuskar waya yana sauyawa duk lokacin da yatsa ya taɓa ta.

Duk da haka, abin mamaki ne a ce ɗalibin Ajingi yana fama da dusasshen hoton furen da ke tsiro a gefen gonar gidansu. Zoɓon da ake sha ma ba ganyen fure ba ne, kofin da ke riƙe da furen ne daga ƙasa, wanda ke kumbura ya yi ja bayan ganyayen sun zube. Wanda ya taɓa ɓare shi ya riga ya riƙe ɗaya daga cikin amsoshin a hannunsa. Yakuwa tana fure ne a ƙarshen damina, daidai zangon farko na shekarar karatu, jarrabawar kuma sai wajen Mayu zuwa Yuli, lokacin da babu ko ɗaya a gona. Saboda haka darasin na zangon farko ne. Furen yana buɗewa da safe ya yanƙwane kafin rana ta faɗi, don haka a tsinko shi a kan hanyar makaranta, a tsaga shi da reza a darasin farko, kowane ɗalibi ya zaro sandan daga cikin bututun da hannunsa, ya zana abin da ya gani, ya ja layukan da rula har su taɓa sashen da yake nufi.