Girman jiki da iyakar magani: sharhi ga iyaye da samarin Kara-Kara

Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta asibiti a nan Damagaram ta san cewa kafin a rubuta wa yaro magani sai an ɗora shi a kan ma'auni. Da nauyinsa ake lissafa abin da zai sha: kowane kilo yana da rabonsa na magani. Ƙa'ida ce mai kyau, amma tana da inda take tsayawa, kuma wannan iyakar ce mutane da yawa ba su sani ba. Idan lissafin yaro ya kai adadin da ake ba babban mutum, nan ake ja birki, ko da yaron ya fi ubansa tsawo da nauyi.

Maganar ta shafi Kara-Kara kai tsaye. Unguwa ce da samarinta suka yi suna wajen ɗaga ƙarfe, har Aisha Maki ta nuna su a fim ɗinta mai suna Zinder a shekarar 2021. Za ka ga yaro ɗan shekara 15 ko 16, ƙirji ya buɗe, damtse ya cika, ma'auni ya ba shi kilo 80. A takarda yaro ne, a ido kuwa ƙato.

Mu ɗauki farasitamol, tunda babu gidan da ba ya shiga. Ga yara, ƙa'idarsa miligiram 15 ce ga kowane kilo a sha ɗaya, a maimaita bayan awa 6 idan da buƙata. Yaro mai kilo 20 zai sha miligiram 300, wannan daidai ne. To a ce saurayin nan mai kilo 80 ya kwanta da zazzaɓi, wani ɗan uwansa da ya san ƙa'idar ya zauna ya buga lissafi: 15 sau 80, miligiram 1200 ke nan a sha ɗaya, sau huɗu a yini ya zama 4800. Lissafin bai kuskure ba, amma amsar haɗari ce. Iyakar babban mutum lafiyayye ita ce miligiram 1000 a sha ɗaya, wato ƙwaya biyu masu 500, kuma kada ya wuce 4000 cikin awa 24. Likitoci da yawa ma sun fi son a tsaya a 3000. Saboda haka saurayin nan ƙwaya biyu zai sha, kamar mahaifinsa, ba ƙari.

Me ya sa? Dalili na farko yana cikin hanta da ƙoda. Su ne ke sarrafa magani su fitar da shi daga jiki, kuma ba sa girma kafaɗa da kafaɗa da tsoka ko kitse. Wanda ya ƙara kilo 20 a wurin ɗaga ƙarfe, ko yarinyar da ta yi ƙiba, hantarsu ba ta ƙara ƙarfin aiki da gwargwadon wannan nauyin ba. Kamar injin niƙa ne na unguwa: don an jibge masa buhunan hatsi ba zai ƙara gudu ba, sai dai ya cushe.

Ga yadda abin yake da farasitamol. Yayin da hanta take sarrafa shi, wani ɗan kaso yakan juye ya zama guba, amma hantar tana da wani sinadari da take ajiyewa don kashe wannan gubar nan take. Ajiyar tana da iyaka. Idan magani ya yi yawa, ko aka yi ta wuce ƙima kwana da kwanaki, musamman ga wanda zazzaɓi ya hana shi cin abinci, sai ajiyar ta ƙare, gubar ta koma tana cin hantar kanta. Abin baƙin ciki kuma, ƙarin da aka yi bai ƙara sauƙin ciwo ba, domin daga miligiram 1000 zuwa sama amfanin ba ya ƙaruwa wani abin kirki, illar ce ke hauhawa.

Dalili na biyu shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Adadin da ake ba yara a kowane kilo an tsara shi ne don ƙaramin jiki. Ƙaramin yaro hantarsa babba ce idan aka gwada da jikinsa, yana kuma fitar da magunguna da yawa da sauri, shi ya sa rabonsa a kilo yakan fi na babba. Idan ka ɗauki wannan rabon mai tsoka ka ninka shi da nauyin ƙato, ka haɗa ma'aunin yaro da jikin babba, sai amsa ta zarce duk abin da aka gwada aka tabbatar ba ya cutarwa.

Ku dubi maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a asibitocinmu, wanda aka fi sani da Kowatem. Yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha, daga 15 biyu, daga 25 uku, daga kilo 35 zuwa sama ƙwaya huɗu, safe da yamma har kwana uku. Daga nan matakalar ta ƙare. Mai kilo 40 da mai kilo 80 duk huɗu ne. Uban da ya ce ɗansa ƙato ne, huɗu ba za su kama shi ba, a ƙara masa biyu, ƙauna ce ta sa shi, amma ba daidai ba ne. Abin da zai taimaki maganin ya shiga jiki shi ne a sha shi da abinci mai ɗan maiƙo ko madara, kuma a cika kwana ukun.

Kada a ɗauka cewa kowane magani haka yake. Allurar atesunat da ake yi wa mai zazzaɓi mai tsanani da nauyi ake lissafa ta har ga manya. Wannan aikin ma'aikatan asibiti ne, su suka san wanne ke da rufi, wanne ba shi da shi. Haka kuma ƙa'idar tana aiki ta ɗaya ɓangaren: budurwa ƴar shekara 16 siririya, da ba ta kai kilo 50 ba, ba za a ba ta cikakken adadin manya na farasitamol ba don kawai ta girma a shekaru. A auna ta, a lissafa, a ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta tsakanin lissafin da iyakar manya.

Yanzu ga inda aka fi faɗawa. Saurayi ya sha farasitamol ƙwaya biyu, ya kuma sayi maganin mura ko na ciwon jiki a tiren mai talla, bai san akwai farasitamol a ciki ba. Iyakar nan ta dukan abin da ya shiga ciki ce a haɗe. Kuma gubar farasitamol mayaudariya ce: ranar farko tashin zuciya ne da amai, ko ma ba komai, a kwana na biyu ko na uku ne ciwo ke tasowa ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ido ya yi rawaya kamar mai shawara. Akwai makarinta, amma ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 8 na farko.

Don haka, iyaye da yayye, in kun gano yaro ya sha fiye da ƙima, kada ku jira alama. Ku tattara kwalaye da fakitin duk abin da ya sha, ku lura da lokacin da ya sha, ku nufi asibiti mafi kusa ko babban asibitin Damagaram a wannan sa'ar.