Godiyar ranar haihuwa ba sai da jerin sunaye ba



Yau za mu tattauna ne a kan wani ɗan gajeren rubutu da kusan kowannenmu kan yi sau ɗaya a shekara, wato godiyar da mutum ke ɗorawa a ƙarƙashin hotonsa bayan an taya shi murnar zagayowar ranar haihuwa. Ko wanda ba ya bikin ranar, muddin bai ɓoye kwanan watan ba, Facebook zai sanar da abokansa, addu'o'i su yi ta shigowa, kuma ba ya kyautu a yi wa mutum addu'a ya yi shiru. Ra'ayinmu shi ne, godiyar da ke ratsa zuciya ita ce wadda ta nuna cewa mai ita ya zauna ya karanta saƙonnin da aka aiko masa. Jerin sunaye ba ya nuna haka, haddatattun kalmomi ma ba sa nunawa.

Mu fara da jerin sunaye, domin yana da masu kare shi, kuma suna da hujja. Bahaushe yana son jin sunansa a bainar jama'a. Maroƙi a wajen biki da sunaye yake cin abinci, filin gaishe-gaishe na rediyo da sunaye yake tafiya, kuma duk wanda ya taso da karanta littattafan hikaya na Kano ya saba ganin shafin godiya da fatan alheri cike da sunayen ƙawaye da abokai. To me zai hana mu yi haka a ranar haihuwa?

Abin da zai hana shi ne lissafi. Facebook yana barin mutum ya tara abokai har 5,000. A ce mutum 300 ne kacal suka taya ka murna, ka ambaci 40. Ka faranta wa 40 rai, ka kuma bar 260 suna bin jerin da ido suna neman sunansu ba su gani ba. Su 40 ɗin ma ba a gama da su ba, domin jeri yana da sama da ƙasa, kuma wanda ya zo na 35 zai lura da wanda aka sa a gabansa. Sai a rufe da "wanda bai ga sunansa ba ya yi haƙuri, yana raina". Wannan jimla tabbatar wa mutum take yi cewa an san an tsallake shi. Ga shi kuma dogon rubutu Facebook datse shi yake yi ya sa "See more", wanda ke nufin rabin mutanen da ka jera suna ɓoye a bayan wani maɓalli da ba kowa zai taɓa ba. Maroƙi yana kiran sunan wanda ya yi masa kyauta ne a gabansa, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ke sa ran a kira duk 'yan biki. Mai ranar haihuwa kuwa kowa ya yi masa kyautar addu'a, don haka kowa yana da haƙƙi daidai da na ɗan'uwansa.

Wanda ya guje wa jerin sunaye sau da yawa yakan faɗa rami na biyu. Ga irin abin da muke gani:

"Alhamdulillah. Ba ni da bakin da zan gode muku. Ina miƙa godiya ta musamman ga ɗaukacin 'yan'uwa da abokan arziki da suka taya ni murna ta waya da saƙo da sauran kafafe. Haƙiƙa kun nuna min ƙauna. Allah ya bar zumunci."

Babu kalma ɗaya marar kyau a ciki. Matsalar ita ce ana iya rubuta shi tun mako guda kafin ranar, kafin saƙo ko ɗaya ya shigo. Ana iya sake ɗora shi baɗi. Maƙwabcinka zai iya kwafe shi ya sa a ƙarƙashin nasa hoton, ko ma a mayar da shi bangajiyar ɗaurin aure ba a canza komai ba sai kalma ɗaya ko biyu. Wannan shi ne ma'aunin da muke ba da shawara a riƙa gwada kowace godiya da shi: idan za ta yi wa wani mutum daidai, ko ta yi wa wata shekara daidai, to ba ta zama taka ba tukuna.

Akwai kuma wani abu na nahawu a cikin misalin. Jimla ta uku tana cewa "da suka taya ni". Wannan magana ce a kan mutane, kamar sanarwar da ake karantawa a rediyo, alhali mutanen su ne ke karantawa. Da ka ce "kun taya ni", ka juyo ka fuskance su ke nan. Haka ma "muna godiya" daga bakin mutum ɗaya, ta fi dacewa da basarake ko kakakin ƙungiya. A tsakanin abokai "na gode" ta fi kusa da zuciya.

To yaya za a gode wa ɗaruruwan mutane ba suna, kuma kowa ya ji da shi ake? Al'adarmu ta riga ta koya mana. Saboda alkunya uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, mace ba ta kiran sunan mijinta, ɗa ba ya kiran sunan mahaifinsa, amma duk wanda ke wurin ya san wa ake nufi, shi ma wanda ake nufi ya ji an girmama shi. Abin da za mu aro shi ne a ambaci mutane da abin da suka yi ko abin da suka faɗa. Suna ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka, amma "ku da kuka tono hotunan makaranta" zai ɗauki mutum ashirin, kowannensu kuma ya ce ni ake nufi.

Bari mu gwada da misali. A ɗauka wata marubuciya ce ta cika shekara 27, saƙonni kusan 300 suka shigo mata. Kafin ta rubuta komai sai ta zauna ta bi su, tana lura da abin da ya yi ta maimaituwa. Ta ga addu'ar da ta fi yawa ita ce Allah ya sa ta kammala littafin da ta daɗe tana cewa yana nan tafe. Ta ga 'yan ajinsu na sakandare sun ɗora wani tsohon hoto da aka yi ta yi masa dariya. Ta ga akwai mutanen da ba ta taɓa haɗuwa da su ba, rubutunta kawai suke bi. Ta kuma ga wasu sai washegari suka shigo da ban haƙuri. Daga nan ta rubuta:

"Alhamdulillah, jiya na cika 27. Na kwana ina karanta saƙonninku har cajin wayata ya ƙare. Ku da kuka tono hoton nan na aji uku, na yafe muku, amma ina da naku a ajiye. Ku da ba mu taɓa haɗuwa ba sai a rubutu, addu'arku ta fi ba ni mamaki. Na lura kusan kowa littafin nan ya roƙa min Allah ya sa na gama, to na ji, na koma kansa. Wanda sai yau ya tuna, bai makara ba. Duk abin da kuka roƙa min, Allah ya ba ku ninkinsa."

Ku duba abin da ya faru. Jimloli bakwai ne, ba suna ko ɗaya, amma an taɓo rukuni huɗu na mutane. Ba za a iya rubuta wannan kafin ranar ba, domin hoton aji uku da addu'ar littafi sai da saƙonnin suka shigo aka san da su. Ba a ce "kun nuna min ƙauna" ba, cajin da ya ƙare ya faɗi hakan. Addu'ar ƙarshe kuma guda ɗaya ce, an mayar wa kowa abin da ya bayar. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma tukwicin addu'a addu'a ce, ba sai an jero goma ba.

Wannan hanya tana da iyaka, kuma ya kamata a san ta. Bayanin da zai nuna mutum ɗaya tak ya koma suna ke nan, wani lokaci ma ya fi suna tona asiri. "Kai da ka kira ni ƙarfe goma sha biyun dare" zai sa jama'a su bar godiyar su koma binciken wane ne. Ambaton masu turo kuɗi ko kati yana sa mai addu'a kawai ya ji kamar hannu rabbana ya zo. Mafi muni shi ne habaici, irin "yau na gane masoyana na gaskiya". Da an rubuta haka, godiya ta koma gori ga waɗanda ba su yi magana ba, su kuma waɗanda suka yi an mayar da su sandar dukan wasu.

Akwai kuma waɗanda rubutun bainar jama'a ba ya isar musu. Iyaye, malamai, da yayye da suka ɗauki waya suka kira, ba a haɗa su da sauran jama'a a jimla ɗaya a ce an gama. Su kiran waya ake mayar musu, ko a taka a je, tunda zumunta a ƙafa take. A nan ne kuma sunan da muka hana a jeri yake samun wurinsa: a amsar da za ka ba mutum shi kaɗai, inda za ka kira shi da sunan da kuka saba, ba kuma wanda zai ƙirga ya ga shi ne na nawa.

Game da lokaci, mun fi ganin a bari sai washegari da safe. Wanda ya ɗora godiya da azahar ɗin ranar ya rufe ƙofa alhali baƙi suna hanya, kuma bai ga isassun saƙonnin da zai tsamo wani abu daga ciki ba. Idan a status na WhatsApp za a sa, a tuna bayan awa 24 yake ɓacewa kuma a tsaye ake karanta shi, don haka jimla biyu ko uku sun isa: abu ɗaya da ka lura da shi, sai addu'a.

Kafin ka danna, karanta shi da ƙarfi kamar abokanka na zaune a gabanka a kan tabarma. Duk jimlar da bakinka ya ji nauyin faɗa musu ido da ido, irin "ina mai amfani da wannan dama", cire ta. Abin da ya rage shi ne muryarka.

Wanda ranarsa ke tafe a cikinmu, ya gwada wannan, ya zo mana da abin da ya rubuta mu duba tare. Allah ya ƙara mana shekaru masu albarka.