Mai Bin Lungu Don Gudun Gaisuwa

Wani ɗalibi daga wani ƙauye kusa da Auyo, wanda ke zaune gidan kawunsa a Haɗeja don karatun sakandare, ya rubuto mini kukansa. A bakin layinsu akwai majalisar dattawa, kullum bayan la'asar suna kan tabarma. Shi kuwa da ya hango su sai gabansa ya faɗi, bakinsa ya bushe, ya karya kwana ya bi lungu. Yanzu magana ta kai kunnen kawu cewa yaron nan girman kai gare shi.

Ɗan'uwana, ba girman kai ke damunka ba, ba kuma kunyar nan da ake yabo ba ce, domin mai kunya yana gaisuwa, kansa dai yake sunkuyarwa. Taka fargaba ce, kuma lungun nan ne ke ciyar da ita. Duk ranar da ka kauce sai ka ji sanyi a ranka, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauka kaucewar ce ta cece ka, gobe tsoron ya ƙaru.

Kada ka fara da majalisar. Ɗauki takarda ka jera mutane biyar, daga wanda gaishe shi bai dame ka sosai ba zuwa wanda ya fi tayar maka da hankali, ka ba kowa maki daga 0 zuwa 10 gwargwadon faɗuwar gabanka. Misali matar kawu 2, mai kosai a ƙofar makaranta 4, mai kifin da ake aikenka wurinsa a kasuwa 5, malamin ajinku 7, majalisa 9. Fara da na ƙasa, ka gaishe shi kullum, kana rubuta makin bayan kowace gaisuwa. Sai makin ya ragu zuwa kamar rabi sannan ka hau na gaba. Wani mataki kwana uku ya ishe shi, wani sai mako biyu. In ka hau ka ji abin ya fi ƙarfinka, raba shi biyu: tari dattijo ɗaya daga cikinsu a hanyar masallaci kafin ka tunkare su a tare.

Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne gaisuwarmu tsararriya ce, tambaya da amsa duk an san su. Jimla uku sun ishe ka: "Salamu alaikum. Baba, ina wuninku? Ina gajiya?" In an ce maka "Ya karatu?" ka ce "Alhamdu lillahi." Ga mai kifi, "Ya kasuwa?" Da damina a ce "Ya ruwa?" a amsa "Ya yi gyara." Amma a kula: a watannin Agusta da Satumba, in Kogin Haɗeja ya yi ambaliya ya cinye shinkafar mutum a fadama, jaje ake yi masa: "Ya muka ji da wannan abu? Allah ya mayar da alheri." Haddace wannan ma tun kafin buƙatarta ta zo.

Kuma a fili za ka riƙa maimaitawa, sau goma da safe, da ƙarfin muryar da wanda ke nesa da kai taku uku zai ji. Maimaitawa a zuci ba ta horar da harshe. Ka haɗa da rusunawar ma, don ƙafa da baki su saba tafiya tare. Ba sai ka kalli dattijo cikin ido ba, ai a wurinmu sunkuyar da kai ladabi ne.

Sai numfashi. Tun kana nesa da majalisar kamar taku ashirin, ja iska ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, cikinka ya taso, sannan ka sake ta kana ƙirga shida. Yi haka sau uku. Fitar da iska a hankali kan rage gudun zuciya. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuƙar iska da ƙarfi da sauri, wai don a nutsu. In ka ji jiri ko yatsunka suna tsira-tsira, numfashin ya yi yawa, sassauta. Kuma kada ka tsaya jiran tsoro ya tafi gaba ɗaya, ba zai tafi ba kana tsaye. Yi sallama daidai lokacin da ka fara sakin numfashi na huɗu.

Wata rana muryarka za ta yi rawa, ko ka ce "ina kwana" da yamma, a yi dariya. Gyara ka ce "ina wuni", ka wuce, ka dawo washegari. Wani kuma ba zai amsa ba, ƙila hankalinsa na kan rediyo. Ka dai rubuta cewa ka gaisar.

Idan kuwa an yi watanni fargabar na hana ka shiga aji, ko cin abinci a gaban mutane, ko barci, to ta wuce aikin takarda. Faɗa wa kawu ko malamin da ka yarda da shi, a kai ka wurin ma'aikacin lafiya.