Kafin ƙungiyar manoma ta ajiye littafin ma'aji

A shekarun 1940 masanin halayyar jama'a Kurt Lewin ya nuna cewa duk al'adar da ta daɗe a tsaye, ƙarfi biyu ne suka riƙe ta: masu ingiza sauyi da masu tirjewa. Ra'ayina shi ne, duk ƙungiyar gama-kai a Sabon Birni ko Isa da ke shirin mayar da lissafinta daga littafi zuwa waya, ta fara auna waɗannan biyun kafin ta kashe ko kwabo.

Mu ƙaddara ƙungiyar manoman albasa mai mutum 40. Za a ja layi a tsakiyar allo, a ba kowane dalili maki daga 1 zuwa 5. A dama akwai banki da ke neman tsararren lissafi kafin rance (5), rigima kan zubin da ba a rubuta ba (4), da fargabar littafin ya ƙone idan aka kai hari (4). Jimla 13. A hagu akwai rashin wuta da sabis (4), dattawan da ajami kawai suke karantawa (3), ma'ajin da ke da basussukan da bai bayyana ba (5), da tsoron wayar ta faɗa hannun 'yan bindiga su san mai kuɗi (4). Jimla 16.

Sabis ya cancanci makinsa, domin a watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da waɗannan biyun. A lura kuma, rashin tsaro ya bayyana a ɓangarorin biyu.

Kuskuren da shugabanni suka saba yi shi ne ƙara matsin lamba, a ce wanda ya ƙi a kore shi. Lewin ya yi gargaɗi cewa hakan ƙara tirjiya yake yi, rage nauyin hagu ya fi dorewa. Manhajar da ke aiki ba sabis, da ƙaramin faifan sola, za su mayar da 4 zuwa 2. Sa lamba a madadin suna zai mayar da tsoron wayar zuwa 2. Katin zubi na takarda a hannun kowa zai mayar da 3 zuwa 1. Hagu ya koma 10.

Sai dai jimla tana ruɗi. Makin nan ra'ayi ne, kuma 5 ɗin ma'aji shi kaɗai zai iya kashe shirin, tunda tsohon lissafi a hannunsa yake. Alamar an yi nazarin ƙarya ita ce a tashi taro babu wanda ya ambaci bashi. Saboda haka a ba da maki a asirce, a daidaita tsofaffin basussuka ba tare da tozarta kowa ba, sannan a riƙe littafi da waya tare na wata uku. Idan suka dace har ƙarshe, sai a rufe littafin.